“An gama”: abin da mukayyif shida suka jawo mana a Misfala

A tsakiyar Sha'aban na 1446, wato watan Fabrairu na 2025, wani Alhaji da ke kula da masaukin 'yan Umara a unguwar Misfala ta Makka ya ba mu aikin saka mukayyif shida. Mukayyif shi ne sunan da kowa ke kiran na'urar sanyaya ɗaki a nan Saudiyya, har mu Hausawa bakinmu ya saba da shi. Gidan tsoho ne mai hawa uku, ɗaki biyu a kowane hawa, kuma da can irin mukayyif ɗin nan na taga ne a jikinsa, masu ƙara kamar injin niƙa. Alhaji yana so a cire su a saka masu rabi biyu, kai a cikin ɗaki, inji a waje, kowanne mai ƙarfin sanyi tan ɗaya da rabi, kafin baƙin azumi su iso.

Shagonmu a Jidda yake, ni nake raba aiki. Ranar ina da wani aikin a hannu, sai na tura Auta da mataimaki ɗaya. Auta ɗan unguwar Shari'a Mansur ne, haifaffen Makka, shekararsa uku a hannuna, kuma ba zan ɓoye ba, ya fi ni saurin hannu. Kwana biyu suka yi. Da yammacin rana ta biyu saƙonsa ya shigo a WhatsApp: “Halas Mu'allim, an gama duka shida, suna sanyi.” Ya haɗo da hoto shida, kowane kai a manne a bango, fari tas, fitilarsa a kunne. Na buɗe littafin aiki na ja layi, na rubuta “an gama”, na aika wa Alhaji takardar kuɗi. Ban tambayi komai ba, don ban ga abin tambaya ba.

Azumi ya kama ranar Asabar 1 ga Maris. Ranar huɗu ga wata, bayan sahur, harisin gidan, wato mai gadi, ya kira ni. Dattijo ne, mutumin Mai Wurno ta Sudan, Baba muke ce masa.

“Mu'allim, ruwa ake yi a ɗaki na biyar.”

“Ruwa kuma, Baba? Daga ina?”

“Daga mukayyif ɗinku mana. Ya jiƙa katifa, ya jiƙa jakar wata Hajiya. Ga ta nan tana faɗa, na rasa ta cewa.”

Ɗaki na biyar

Da na isa na ɗora mizanin ruwa a kan na'urar, sai ƙwayar ta gudu gefe. Farantin ƙarfen da ake rataye kan a jikinsa ya karkace da kamar santimita ɗaya, kuma ya karkace ne zuwa ɓangaren da ba shi da tiyo. A ƙarƙashin kowane kai akwai ɗan kwalbati da ke tare raɓar da sanyi ke tatsowa daga iskar ɗaki, ya tura ta cikin tiyo zuwa waje. Ba famfo a ciki, gangara ce kaɗai ke tafiyar da ruwan. In ka karkatar da kwalbatin baya, ruwan zai taru a can ƙarshen har ya cika ya zubo ta baki.

Wannan ɗaya ke nan. Na biyu kuwa a cikin bango yake. Ramin da bututu ke bi ya fita ana huda shi ne da ɗan gangare zuwa waje. Auta ya yi amfani da gefen tsohon ramin mukayyif ɗin taga, wanda leɓensa na waje ya ɗan fi na ciki tudu, sai tiyon ya hau ya sauka kamar doron raƙumi. Ko da farantin daidai yake, da ƙyar ruwa zai haye wannan doron.

Abin da ya fi damuna shi ne tambayar da na yi wa kaina a mota: me ya sa bai zubo ba ranar da aka saka shi? Amsar ita ce ta buɗe mini ido a kan dukkan lamarin. Makka ba Jidda ba ce. Jidda tana bakin teku, iskarta jiƙe take, mukayyif tan ɗaya da rabi yana iya tatso lita ɗaya ko fiye a awa guda, don haka in tiyo ya lalace nan da nan za ka gani. Iskar Makka busasshiya ce, balle a Fabrairu, balle a ɗakin da babu kowa. Auta ya kunna na'urar minti goma, ya sa hannu ya ji sanyi, ya kashe. A minti goman nan ko cokali biyar na ruwa ba lallai ya taru ba. Da ɗakin ya cika da mata biyar, suna numfashi, suna wanka, suna shanya wanki a igiyar da suka ɗaura daga taga zuwa ƙofa, sai na'urar ta samu raɓar da za ta tatsa. Laifin yana nan tun ranar farko, yanayin ranar ne bai tone shi ba.

Gyaran bai ci awa biyu ba. Na ba Hajiya haƙuri, na biya kuɗin wankin kayanta, na ɗauka magana ta ƙare.

Ɗaki na biyu, da abin da ya biyo baya

Ranar sha tara ga wata Baba ya sake kira. Ɗaki na biyu ya daina sanyi, fanka ce kawai ke busa iska. Wannan karon na tafi da Auta, da dare bayan tarawi, domin a ƙarshen azumi shiga Misfala da motar kaya da rana wahala ce zalla, hanyoyin da ke kusa da Harami a cushe suke, wasu ma a rufe.

A wajen injin na ga ƙanƙara ta yi fari a kan ƙaramin bututu, daidai bakin bawul. Na shafa notin babban bututu, yatsana ya fito da maiƙo. Man kwamfiresa, wato injin da ke tura gas ɗin da ke kawo sanyi, yana yawo tare da gas ɗin, duk inda gas ya samu kafar fita sai ya bar tabon mai, ƙura ta manne a kai. Da muka kwance notin sai ga bakin bututun, wanda ake buɗawa kamar bakin algaita don ya zauna a kan bawul, ya tsage da ɗan siririn layi kamar gashi. An ɗaure shi ne fiye da kima. Tagulla tana da taushi: in ka sassauta ta yi yoyo, in ka matse da ƙarfin tsiya ta tsage. Kuma irin wannan tsagar ba ta zubar da gas a yini ɗaya. A hankali take sha, ɗaki yana sanyi mako biyu, mako uku, sai ranar da abin da ya rage ya gaza.

A nan na tsayar da shi a kan soro na ce ya faɗa mini gaskiya, duka shidan ya yi musu bakyum? Bakyum shi ne zuƙe iska da danshi daga cikin bututu da famfo na musamman kafin a saki gas. Ya yi shiru, sannan ya ce huɗu ya yi wa. Biyu na hawan sama wayar wuta ba ta kai wajen ba, magariba ta gabato, sai ya yi irin ta da: ya ɗan buɗe bawul ya bar gas ya kora iskar ta ɗaya bakin. A zamanin gas ɗin R22 haka da yawa suke yi suna tsira. Waɗannan kuwa R410A ne a cikinsu, man da ke tafiya da shi yana shan danshi kamar gishiri, kuma danshin da ya shiga ba ya nuna kansa yau, sai bayan watanni ya ci kwamfiresa.

Tun da mun riga mun hau, na ce mu bi sauran ɗaya bayan ɗaya. A ɗaki na shida na auna bututu na samu mita tara, saboda an kai injin can bayan tankin ruwa. Injin yana zuwa daga kamfani da gas ɗin da zai ishi bututu mai wani tsawo, a wannan samfurin mita biyar, abin da ya haura kuma littafinsa ya ce a ƙara giram ashirin a kowace mita. Giram tamanin ke nan ba a ƙara ba. Ɗakin yana sanyi, amma sanyin da ba zai tsaya wa zafin Yuli ba.

Muna saukowa Baba ya tare ni a matakala ya nuna mini tsofaffin mukayyif shida a jibge a ƙarƙashin bene. Ya ce Alhaji yana ta tambaya yaushe za mu kwashe su, ai da haka aka yi ciniki. Gaskiyarsa ne. Ni Alhaji ya gaya wa a waya, ni kuma ban gaya wa Auta ba. Abin da na rubuta masa kawai shi ne “Misfala, shida, tan ɗaya da rabi”. A kan wannan umarnin, yaron ya gama aikinsa. A kan abin da mai gida ya saya da kuɗinsa, ba a gama ba.

In aka haɗa zuwa uku daga Jidda, da gas, da kwana biyu da muka bar wasu ayyukan, da wankin Hajiya, ribar aikin ta tafi har ta taɓa uwar kuɗi.

Kati na farko, wanda bai yi aiki ba

Bayan Salla na zauna na rubuta duk abin da ya kamata a duba kafin a ce an gama saka mukayyif. Layi talatin da ɗaya na samu, kowanne da ɗan akwatin da za a sa alama. Na buga, na raba, ina jin na kashe maganar.

Mako biyu ya ishe ni in gane na yaudari kaina. Katunan suna dawowa cike, alama talatin da ɗaya, duka da biro ɗaya, da karkata ɗaya, irin rubutun wanda ya ɗora takarda a kan sitiyari. Abin da ya tabbatar mini shi ne wani kati da aka sa wa alama a layin “an ƙara gas saboda tsawon bututu”, alhali na san gidan, bututun bai kai mita uku ba. Wanda ya cika bai karanta layin ba. Ban ga laifinsu sosai ba. Na cusa abubuwan da ba mai mantawa, irin su “an rataye kai” da “an haɗa waya”, a tsakanin abubuwa uku ko huɗu da su ne ke kashe mu, sai manyan suka nutse a cikin ƙananan. Sannan alama ba ta da tsada. Mutumin da ya rubuta “an gama” ba tare da ya auna ba, zai sa alama ma ba tare da ya auna ba.

Akwai kuma kuskuren da ya fi wannan. Na sa katin a ƙarshen aiki, alhali rabin abin da ke cikinsa ba ya dubuwa a ƙarshe. Da zarar ka buɗe bawul gas ya cika bututu, zancen bakyum ya wuce, ba yadda za ka koma ka gwada. Da zarar ka naɗe bututu ka toshe rami da siminti, ba ka ƙara ganin yadda tiyo ya kwanta. Wanda ya zo wannan layin bayan ya rufe komai, zaɓi biyu gare shi: ya fasa aikinsa, ko ya sa alama ya wuce. Kowa ya san wanda zai zaɓa da ƙarfe shida na yamma.

Kati na biyu

Na yage shi na sake, da sharaɗi biyu. Ba layin da zai shiga sai wanda ya taɓa jawo mana komawa gidan mutane. Kuma ba layin da za a amsa da alama, sai da lamba ko hoto. Layi tara suka rage, na raba su wuri uku da ake dakatawa, kowanne daf da matakin da ba a komawa baya.

Dakatawar farko ita ce kafin a buɗe bawul. A nan ake rubuta tsawon bututu da mita, da giram nawa aka ƙara, ko da sifili ne a rubuta sifili. Sai notuna huɗu, biyu a ciki biyu a waje, a ɗaure su da sufana mai awo, wadda ke yin ƙas idan ta kai ƙarfin da aka saita. Littafin da ke zuwa a kwalin kowace na'ura yana da jadawalin. A yawancin waɗanda muke sakawa ƙaramin bututu na kwatan inci yana tsakanin 14 da 18 N·m, na rabin inci kuma wajen 50 zuwa 60. Sufanar nan na saye ta ne bayan Misfala, da can da jin hannu muke yi, kuma jin hannun Auta ne ya tsaga bututun ɗaki na biyu.

Sai bakyum, wanda shi ne zuciyar katin. Ba na karɓar “an yi”. Lamba biyu nake so daga ma'aunin maikiron, mai nuna iskar da ta rage a bututu: wadda aka kai lokacin da aka rufe famfo, da wadda ake gani bayan minti goma. Ta farko ta sauka 500 ko ƙasa. Ta biyun ce ke ba da labari. In ta ɗan motsa ta tsaya kusa, bututu a bushe yake kuma a rufe. In ta hau sosai sannan ta tsaya a wani wuri, akwai sauran danshi da ke tururi a ciki, a mayar da famfo. In kuwa tana ta hawa ba ta tsayawa, iska ce ke shiga daga waje, akwai kafa, a koma kan notuna. Gejin allura da muka saba da shi ba ya nuna wannan bambancin, allurarsa tana kwanciya a ƙasa tun kafin a kai ko'ina, shi ya sa mutum zai rantse ya yi bakyum alhali rabin aikin ya yi.

Dakatawa ta biyu ita ce kafin a naɗe bututu a toshe rami. Hoton mizani a kan na'urar, ƙwaya a tsakiya. Sannan gwajin da ya fi kowanne arha, wanda da an yi shi da Hajiya ba ta jiƙe ba: a ɗaga murfi, a cire matatar ƙura, a tsiyaya ruwa lita ɗaya a hankali cikin kwalbatin, mataimaki yana waje riƙe da gora a bakin tiyo. A rubuta nawa ya fito. Ba ma jiran iskar ɗaki ta ba mu raɓa, mu muke kawo ruwanmu, don haka Makka da Jidda, Fabrairu da Agusta, duk ɗaya ne. In aka zuba lita aka samu rabi, sauran yana kwance a wani doro.

Na uku a wannan dakatawar shi ne kumfar sabulu a kan notuna huɗu da murafun bawul, bayan an buɗe bawulolin har ƙarshe. Na ƙara kalma biyu a layin: “a kashe”. Da yawa suna shafa kumfa na'ura tana aiki, alhali a irin waɗannan, idan tana sanyaya ɗaki, matsin da ke cikin bututun haɗi yana faɗuwa zuwa wajen 120 ko 140 a geji. Idan tana kashe a rana mai zafi, R410A yana tsayawa kusa da 300. Ƙaramar kafa ta fi busa kumfa a lokacin da matsi ya fi yawa.

Dakatawa ta uku kafin a loda kaya a mota. Wuta tukuna: nawa ma'auni ya nuna a soket kafin a kunna, domin tsofaffin gidajen Makka da Jidda har yanzu akwai masu layin 127 a gefen na 220, kuma soket ɗin ba ya gaya maka wanne ne. Sai amfiya nawa injin ke ja, a rubuta ta kusa da wadda ke kan farantin jikinsa. Sannan zafin iskar da ke shiga ta sama da na wadda ke fitowa ta baki, bayan minti goma sha biyar ana aiki, ba goma ba, ba kuma da tafin hannu ba. Tazarar ta kai digiri takwas ko fiye. Tafin hannun da ya yini a kan soro, ko fanka ce ta busa shi zai ce sanyi ne.

Layi na tara ba na ma'auni ba ne, kuma nawa ne kafin ya zama nasu. A saman kowane kati yanzu ni nake rubuta abin da mai gida ya nema da kalmominsa, har da kwashe tsofaffi, toshe ramuka, share ƙura, miƙa rimot. Kafin a tafi, a karanta wannan da babbar murya a gaban mai gida ko harisi, shi ya ce e ko a'a. In ban cika saman katin ba, yaro yana da izinin ya ƙi fita da mota.

Sai abu na ƙarshe da na canza, wanda ya fi ɓata musu rai: na ƙwace kalmar. Wanda ya yi aiki ba ya rubuta “an gama”. Yana turo lambobinsa ya rubuta “a duba”. Ni nake karantawa in ja layi. In kuma akwai abin da ya rage, ko da murfin roba ne, sai a rubuta “saura kaza”, aikin ya kwana a buɗe a littafi. Da can ba mu da wannan matsayi na tsakiya, aiki ko dai ba a gama ba ko an gama, kuma ba wanda ke son ya dawo shago da “ba a gama ba”, shi ya sa kashi tara cikin goma ake kiransa goma.

Auta ya ce mini, “Wato Mu'allim yanzu ba ka yarda da ni ba ke nan.”

Na ce, “Ranar da na saka da hannuna, kai za ka karanta nawa.” Haka kuwa ake yi, kuma sau ɗaya ya dawo mini da kati saboda na bar gurbin giram babu komai.

Yadda ya kasance a aikin farko

A Zulƙida muka samu mukayyif uku a wani gida a unguwar Sabil ta Jidda. Da la'asar saƙon Auta ya shigo. Na farko: bututu mita huɗu, ƙari sifili, bakyum 430 ya koma 510, ruwa lita ɗaya ya fito saura kaɗan, wuta 226, iska ta shiga da 29 ta fito da 17. Na biyu kusan haka. Na uku kuwa layi ɗaya ne: “460, bayan minti goma 1,900, yana ta hawa. Ban buɗe ba.”

Na kira shi. Ya ce ya sake ɗaure notunan waje biyun, bai canza ba. Na ce ya fara cire zargi daga kayan aikinsa, domin tiyon geji da ya tsufa shi ma yana shan iska, kuma ba abin haushi kamar ka yanke bututu mai lafiya saboda robar da ta mutu a bakin tiyo. Ya gwada su su kaɗai, suka riƙe. Saura notunan ciki. Da ya kwance na babban bututu sai ya samu ɗan ɓurɓushin tagulla a kan bakin, ragowar yanka da ba a goge ba, ya hana shi zama daidai. Ya yanke, ya goge, ya sake buɗa baki, ya ɗaure. 450, bayan minti goma 520. Minti arba'in abin ya ci. Da irin ta da ce, wannan na'urar za ta yi sanyi a ranar, ta yi kyau a hoto, mai gida ya biya, mu dawo cikin Yuli, lokacin da dokar ƙasa ta hana aiki a rana daga sha biyu zuwa uku, kuma ko ba doka ba mai son hawa soro.

Inda katin bai kai ba

Yana cin lokaci. Kowace na'ura tana ƙara kamar minti arba'in, galibi a jiran bakyum da jiran minti goma sha biyar ɗin nan. Aikin kwana biyu irin na Misfala yanzu sai ya shiga na uku, kuma akwai masu gidan da suka bar mu suka koma wajen masu cewa “yau-yau”.

Gwajin bakyum ma ba ya kama kowace kafa. Lokacin da bututu yake a zuƙe, iskar waje ce ke danna bakin tagullar ciki, kuma da ɗan ƙarfi kaɗan. Lokacin aiki kuwa gas ne ke tura shi waje da ƙarfin da ya ninka wannan sau da yawa. Tsaga irin ta ɗaki na biyu tana iya yin lamo a gwajin farko. Maganinta na gaskiya shi ne a cika bututun da iskar naitirojin a bar shi a matse a ga ko allura za ta sauka. Tukunya ɗaya gare mu, mai nauyi, don haka muna kai ta ne kawai inda bututu zai shige cikin bango ko silin, inda yoyo ke nufin fasa gini. A sauran muna dogara da sufana mai awo da kumfa, mun kuma san ba cikakke ba ne. Tazarar digiri takwas ita ma tana ruɗi a lokacin sanyi: ɗakin da yake 23 tun kafin a kunna ba ya sa injin ya yi aikin kirki, don haka in aka saka a Disamba ko Janairu ina rubuta “a sake aunawa” in bar layin a buɗe.

Lamba kuma ana iya ƙirƙirarta. Abin da ya sa ta fi alama shi ne ƙaryarta tana da wuyar daidaitawa. Wani sabon yaro ya taɓa turo mini na'ura huɗu duka da 500 da 500, iska 28 da 16. Ma'auni na gaskiya ba ya ba da lamba ɗaya sau huɗu, kuma bakyum ba ya tsayawa cak. Tun daga ranar, wannan layin hoton fuskar ma'aunin ake turowa, sau biyu, agogon waya ya nuna tazarar.

Na so in ƙara layi na goma, kiran mai gida bayan kwana bakwai, tunda laifin Misfala na farko sai da ɗaki ya cika mutane ya fito. Auta ya ce wannan ba aikin mai sakawa ba ne, in ya shiga katinsu to ba ranar da za su rufe aiki su samu kuɗin hannunsu. Na ga gaskiyarsa, na mayar da shi cikin littafina ni kaɗai. Biyun nan na hawan sama da ba a yi wa bakyum ba, mun koma bayan Salla mun kwashe gas ɗinsu, muka zuƙe, muka zuba sabo da sikeli a kan kuɗinmu. Ko danshin ya riga ya taɓa kwamfiresa a makonnin da suka yi suna aiki, ba ma'aunin da zai gaya mini. A littafi layinsu yana nan ban ja ba, na rubuta a gefe “a tambayi Baba bayan Hajji”. Da na kira shi ya ce suna sanyi. Na ce ya taimaka ya ɗora hannu a kan ƙaramin bututu ya gaya mini ko akwai ƙanƙara.

“Mu'allim,” in ji shi, “gwiwata ba ta hawa soro. In kana so ka sani, ka zo da kanka.”